Gurbin Ranar Dawowa

Gidanmu a Boɗinga ba shi da nisa da filin jirgi, don haka duk shekara mu ne muke fara sanin an soma jigilar alhazai. Tun ina yarinya, da na ji rugugin nan nakan ajiye kwanon da nake wankewa in ɗaga kai, in bi jirgin da ido har ya zama kamar ƙwayar gero a sama. Nakan yi ta saƙa wa mutanen ciki labari, wane yana addu'a, wance ta runtse ido don tsoro. Baba kuwa ba ya ɗaga kai. Yakan ce, "Allah shi kai su lahiya," ya ci gaba da abin da yake yi.

Baba akawun kati ne a wani ƙaramin asibiti, a wani ƙauye da ke gaba da Shagari ta wajen Lambara. Shi ke rubuta sunan mara lafiya, ya ba shi kati, ya nemo masa tsohon katinsa a kabad idan ya dawo. Kullum da safe yana kan babur ɗinsa, ƙarfe takwas kuma yana kan kujerarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Shekarar da na gama kwalejin ilimi ina zaune a gida, ita ce shekarar da ya sami kujerar Makka, bayan shekaru yana noman albasa a fadamar Danchadi da wannan niyya. An yi masa fasfo, an yi masa alluran rigakafi an ba shi katin shaida, yana zuwa bita duk Asabar ana koya musu yadda aikin yake. Abu ɗaya ya rage, takardar izinin hutu daga wurin aiki. Ya ce ba zai taka jirgi ba sai tana aljihunsa.

Inna, mahaifiyata, ta ce, "Malam, wa zai hana ka? Kowa ya san inda za ka."

Ya ce, "Sani daban, izini daban. Ba ni zuwa ɗakin Allah da hakkin aiki bisa wuyana."

Ni ya sa in rubuta masa wasiƙar neman hutun, tunda da Turanci ake yi, kuma a ganinsa ba a kai ni makaranta a banza ba. Na zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida na cika shafi biyu. Na sa kewar da zuciya take yi wa Ka'aba, na sa tsuntsun da ya daɗe a keji. Da na fassara masa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Uwata, waƙa ta yi daɗi. Amma darakta ba shi da kalangu. Hwaɗa mai kwana nawa, da wa za ya riƙe kabad."

Na sake rubutawa a shafi ɗaya. Matakinsa na aiki kwana ashirin da ɗaya yake da su a shekara, kuma dokar aiki ta ce mai zuwa aikin hajji don kansa, daga hutunsa na shekara zai ɗiba. Tun farkon shekara ya sa sunansa a jadawalin hutu na wannan watan. Amma kwana ashirin da ɗaya ba sa kai alhaji su dawo da shi. Na bayyana cewa za a kira su sansanin alhazai, daga nan jirgi ya kai su Madina su yi kwanaki, a wuce da su Makka a mota su jira ranakun aikin, Mina da Arfa da Muzdalifa, sannan su jira layin dawowa, domin jirgin da ya fara tafiya shi ke fara komowa. Duka zai kai kwana arba'in zuwa arba'in da biyar. Na roƙi a ba shi ragowar a matsayin hutu ba albashi. Na rubuta cewa wata ma'aikaciyar ɗakin magani ta yarda ta riƙe masa kabad, zai kuma bar mata takardar miƙa aiki.

Shugabar asibitin, wata dattijuwar ungozoma mai faɗa da dariya a lokaci guda, ta sa hannu a ranar da ya kai mata. Sai wasiƙar ta wuce babban ofishinsu da ke cikin garin Shagari, tare da fom ɗin hutu.

A fom ɗin ne matsalar ta fito. Akwai gurbin ranar fara hutu, akwai na adadin kwanaki, akwai na adireshi lokacin hutu, akwai kuma wani ɗan gurbi a ƙasa, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, na ranar komawa bakin aiki. A nan Baba ya rubuta da kyakkyawan hannunsa na akawu: In Allah ya so.

Bayan kwana uku fom ya dawo, an zagaye wurin da jan biro.

Na bi shi karo na biyu, a bayan babur, ina riƙe da fayil a ƙirjina. Zafin bazara ya kai ƙarshe, gonaki an share su suna jiran ruwa. Jami'in da ke kula da takardun ma'aikata mutum ne mai tumbi da fara'a, sun san juna da Baba shekara da shekaru. Ya miƙe ya tarbe shi.

"Alhaji! Tun yanzu mu fara kira, kada mu makara."

"Ranka shi daɗe, bari sai an je an dawo."

"To ai dawowar muke tambaya. Yaushe?"

Baba ya ce hukumar alhazan da kanta ba ta san ranar ba. Ranar tashi ma sai an ji a rediyo. Ya ce ya sake cika wani fom, ya miƙa. Wannan karon ya rubuta: kwana biyu bayan saukar jirginmu, in Allah ya so.

Jami'in ya karanta ya yi dariya har yana buga tebur. "Malam, wannan gurbin lamba yake ci, ba ya cin wa'azi. Ni da kai mun san komai sai Allah ya so. Amma in ba rana, yaya zan ƙirga kwanakin? Wadda za ta riƙe maka aiki, takardarta sai an sa mata ƙarshe. Darakta ba zai sa hannu a hutun da ba shi da gindi ba."

"To mi za ni rubutawa, ni da ban sani ba?"

"Ka rubuta kowace rana. Kowa haka yake yi. In ka wuce ta da mako guda, wa zai tambayi alhaji? Dabino kawai za mu tambaya."

Na ga fuskar Baba ta canza. Da jami'in bai faɗi wannan ba, wataƙila da an daidaita. Baba ya ce a hankali, "Wato in rubuta abin da ban sani ba, in sa hannu ƙarƙashi, in ɗauki harami in tahi."

"Ba ƙarya ba ce, Malam. Kintace ne."

"Shekara ashirin da takwas, ban taɓa rubuta ma mara lahiya shekarun da bai hwaɗa min ba."

Kafin mu fita ya tambaya ko za a haɗa masa hutun shekarun baya, domin shekara huɗu a jere bai tafi hutu ba saboda babu mai riƙe kabad. Jami'in ya girgiza kai. Ya ce hutun da ba a ci a shekararsa ba, ba a kuma nemi a ɗage shi a rubuce ba, ya mutu. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan. Na yi ta juya ta a raina a kan hanyar gida, ina tunanin ina ake binne kwanakin hutun da suka mutu.

Mako biyu aka yi a haka. Baba ya zagaya dangi da maƙwabta yana neman yafiya, kamar yadda mai tafiya Makka yake yi. Ya je Dingyaɗi wurin yayarsa, ya je wurin wani da suka taɓa saɓawa a kan iyakar gona. Ya kira ƙanensa ya faɗa masa wasiyyarsa a gabanmu. Jakar da hukuma ta raba tana jingine a ɗaki, Inna ta cika ta da yaji da kuka da ƙuli-ƙuli. Jirage suka fara tashi. A karon farko a rayuwata na ji rugugin ban fita ba. Limamin unguwarmu ma ya yi masa magana, ya ce babu laifi mutum ya sa rana da kyakkyawan zato. Baba ya ce ya ji, ya gode, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Inna ta daina yi masa magana a kai, sai dai in ta shiga madafa in ji tana jan hanci.

Ranar wata Talata aka sanar a rediyo cewa maniyyatan Boɗinga su hallara a sansani ranar Alhamis da safe. Ranar Laraba an kira su karɓar fasfo da biza, dole kowa ya je da kansa. Sai Baba ya cika fom na uku. Ya sa Alhamis a gurbin fara hutu, ya sa kwana arba'in da biyar ko abin da ya sauƙaƙa a cikin wasiƙa, ya sa hannu, ya bar ɗan gurbin nan fari. Ya ce in kai, in roƙi darakta ya karɓa haka.

"In bai karɓa ba fa, Baba?"

"To ba a kira ni bana ba."

Na shiga motar haya zuwa Shagari. Na tarar da jami'in yana cin gyaɗa. Ya duba fom ya sauke numfashi, wannan karon bai yi dariya ba.

"Ɗiyata, babanki zai kashe ni. Darakta yana ciki, da azahar zai tafi Sakkwato taro, sai Litinin. Na riga na yi masa maganar, ya ce ba zai iya ba, kuma gaskiyarsa. In ya sa hannu a wannan, gobe shi za a tambaya."

Na ce ko zan iya ganinsa. Ya ce zan iya, amma amsar ɗaya ce. Sannan ya ajiye biro a kan fom ɗin, bai miƙo mini ba, ya ajiye kawai. Ya jawo kalandar bango ya kwantar a tebur, ya ce zai je ya yi alwala.

Ban san minti nawa na yi ina kallon gurbin ba. Fankar sama tana juyawa ba iska. Na tuna albasar Danchadi, da yadda fatar hannun Baba take tsagewa lokacin ban ruwa. Na tuna bai taɓa ɗaga kai ya kalli jirgi ba, sai a lokacin na gane dalili: tsananin son tafiyar ne ya hana shi kallo. Na sa yatsa a kan Alhamis na fara ƙirga. Kwana na arba'in da biyar ya faɗa ranar Asabar. Na gangara zuwa Litinin da ke biye. Hannuna da na Baba suna kama, shi ya koya mini rubutu. Na rubuta lambobin a hankali, yadda yake yi, da ɗan lanƙwasa a wutsiyar bakwai.

Jami'in ya dawo, ya ɗauki fom bai dube ni ba, ya shiga ciki. Kafin a kira azahar takardar izini ta fito da hatimi, an ninke ta a ambulan.

Da na kai gida na ce an bayar. Inna ta yi guɗa. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya sa ambulan a aljihun jakarsa bai buɗe ba, saboda gidan ya cika da masu sallama. Na yi ta kai ruwa da tabarmi, ina kauce wa idonsa.

Washegari muka raka shi sansani. Rana ta yi zafi, mutane sun cika ko'ina, maniyyata cikin yadi iri ɗaya, masu rakiya sun ninka su yawa, lasifika tana kiran sunaye. Muka sami inuwar wata mota muka tsaya. A nan ya ce bari ya ga takardar, ya ciro tabarau. Na ga idonsa ya sauka har layin ƙarshe, inda aka rubuta ranar da ake sa ran ya koma aiki, ya tsaya a nan.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Darakta yas sa ranag ga?"

Na ce a'a.

"Jami'in na?"

Na ce ni ce. 

Inna ta fara cewa, "Malam, don Allah, yarinyar nan..." Ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon takardar. Na jira ya ce a ɗauko jaka mu koma gida, kuma na san zai iya. Aka kira wani suna a lasifika, aka sake kiran wani.

Ya ce, "Kin yi alkawari da bakina."

Na fara kuka. Ya ninke takardar yadda take, ya mayar a ambulan.

"Na yahe miki, kada ki tsaya da wanga a rai. Amma alkawari ya riga ya hita, kuma ba ni da ikon cika shi. Ke kika ɗauka, ke za ki riƙe. Ranar, ƙarhe takwas, in ina nan ni za ni. In ba ni nan, ko jirgi ya makara ko mi, ke za ki tahi da ƙahwarki ki hwaɗa musu. Kada su zauna suna jira."

Na ce to. Ya dafa kaina, abin da rabonsa da yi tun ina firamare. Da aka kira sunansa ya ɗauki jaka ya shiga layi. Jirginsu ya tashi washegari da hantsi. Na fita tsakar gida na bi shi da ido har ya ɓace, ban iya saƙa wa kowa labari ba.

Yana kiranmu a wayar wani abokin tafiyarsa, mutumin unguwarmu. Daga Madina ya ce sanyin masallacin har cikin ƙashi. Daga Makka ya ce ya ga Ka'aba, sai ya yi shiru, muka yi ta cewa Baba, Baba, muna zaton layi ne ya yanke. Bai sake ta da maganar ranar ba. Sau ɗaya ya tambaya ko mai riƙon kabad tana mayar da kati a wurinsa.

Ya yi Arfa. Ya yi jifa ranar Sallah da washegari. A rana ta uku zafi ya kayar da shi a hanyar komawa tanti, aka kai shi asibiti. Kwana biyu bayan haka, da la'asar, abokin tafiyar ya kira ƙanen Baba, ba mu ba. Baba ya rasu, an yi masa sallah a Harami, an binne shi a can.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa ya dace, irin mutuwar da ake roƙo ke nan. Na san gaskiya suke faɗa. Nakan amsa da amin, amma a raina ba abin da nake gani sai yatsana a kan kalanda. Shugabar asibitin ta zo da ma'aikatanta, jami'in ma ya zo ya zauna a zaure tare da maza. Damina ta sauka sosai a kwanakin, gero ya fito a gonar da ƙanen Baba ya shuka masa.

Jirginsu ya dawo ranar wata Juma'a. Abokin tafiyar ya kawo mana jakarsa da ruwan zamzam ɗinsa. A aljihun jakar na sami ambulan, ya yi laushi saboda zufa. Na buɗe na duba ranar. Litinin mai zuwa ce. Da ya dawo, da ya huta Asabar da Lahadi ya hau babur. Lissafina bai kuskure ko da kwana ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ranar Litinin na shirya tun da sassafe. Inna tana takaba, tana zaune a kan tabarma a ɗaki. Ta ce, "Ina za ki? Ai sun sani. Sun zo nan da kansu."

Na ce, "Ya ce in je."

Ta ɗauki carbinta ta ci gaba da ja.

An yi ruwa da asuba, hanya ta jiƙe. Na sauka a Shagari na hau babur ɗin haya zuwa ƙauyen. Takwas saura kaɗan na isa. Mata sun riga sun cika benci da yara masu zazzaɓi a goye. A tagar kati, ma'aikaciyar ɗakin magani tana zaune a kujerar Baba tana lalube a kabad. Rajistar zuwa aiki tana buɗe a kan tebur a baranda, kowa ya sa hannu da lokacin da ya iso.

Shugabar ta fito daga ɗakin haihuwa tana goge hannu. Da ta gan ni ta tsaya.

"Ɗiyata, lafiya? Ko Innarki ce?"

Na ce lafiya lau. Na miƙa mata takardar izinin. Na shirya maganar tun a mota, amma da na buɗe baki sai ta fito kamar ta 'yar aike. Na ce, "Baba ya ce in zo in faɗa muku, yau ce ranar da zai koma aiki, ba zai samu zuwa ba. Ya ce kada ku jira."

Ta dubi takardar, ta dube ni. Matar nan da ban taɓa ganin bakinta ya mutu ba, ta zauna a bencin marasa lafiya ta rufe fuska da mayafi. Wata mai goyo ta matsa mata.

Da ta natsu ta ce akwai abin da ya rage, ta yi ta ɗagawa saboda ba ta son ta dame mu. Babban ofis yana bukatar sanarwa a rubuce daga iyali, da takardar shaidar rasuwa idan hukumar alhazai ta bayar, kafin a rufe fayil ɗinsa a turo wani akawu. Har yau, a takarda, Baba yana hutu.

Ta ba ni farar takarda da biro, ta share mini gefen tebur kusa da rajista. Na rubuta a shafi ɗaya, layi biyar, ba tsuntsu ba keji. Da na zo wurin ranar rasuwa na tsaya. An faɗa mana da lissafin watan Zulhajji, ban taɓa mayar da ita ta boko ba. Na ce a ara mini kalanda. Mai riƙon kabad ta ciro tasu daga ƙusa ta kawo, na nemo ranar, na duba sau biyu, sannan na rubuta.